Sharhi: wata huɗu da faifan da'irar biyar-biyar a kan piyanona

Abin da na saya faifai ne na kwali mai kauri, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. An rubuta ki, wato rukunin amon da ake gina waƙa a kansa, goma sha biyu na meja a zagayen waje, na maina goma sha biyu a zagayen ciki, kowanne da adadin shaf ko filat ɗinsa a gefe, wato alamar # mai ɗaga amo da alamar b mai sauke shi. A samansa akwai wata leda mai tauri da ake hangen abin da ke ƙarƙashinta, an maƙale ta da ƙusa a tsakiya, an zana mata taga. Kana juya ledar, tagar na tsayawa a kan ki ɗin da kake so tare da maƙwabtansa. Iyakar kayan ke nan, sai 'yar takardar bayani mai shafi biyu. Yanzu wata huɗu yana jingine a kan piyanona, kuma kusan kullum sai na taɓa shi.

Tun farko zan faɗi ƙorafina mafi girma. Takardar bayanin ta ce a haddace: C ba shi da komai, G shaf ɗaya, D shaf biyu, haka har ƙarshe. Ba ta ce komai a kan dalili ba. Ni kuwa abin da na haddace ba tare da na san tushensa ba, baya kwana biyu a kaina. Sai da na zauna gaban madannai na yi ta ƙirge da yatsa kafin faifan ya fara yi mini magana, kuma abin da na gano a wannan zaman shi ne ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba.

Tazarar da ake kira ta biyar, misali daga C zuwa G, rabin taki bakwai ce idan ka ƙirga fararen madannai da baƙaƙe duka. A cikin oktaf ɗaya kuwa, wato daga C zuwa C na gaba, amo goma sha biyu ne. Ɗauke su kamar lambobin agogo, ka riƙa tsallen bakwai-bakwai daga sifili:

```
0 7 2 9 4 11 6 1 8 3 10 5 0
```

Ba ka dawo gida ba sai da ka taka kowace lamba sau ɗaya. Dalilin shi ne babu wata lamba da ke raba 7 da 12 gaba ɗaya in ba 1 ba. Gwada tsallen huɗu-huɗu ka ga bambanci: C, E, G#, sai ga ka a C kuma, amo uku kacal ka ziyarta. Tsallen da ke zagaye duka goma sha biyun huɗu ne kawai: 1, 5, 7 da 11. Na 1 da na 11 hawa ne da sauka madanni bayan madanni. Na 5 kuwa shi ne dai na 7 idan ka juya baya, shi ya sa bin faifan ta hagu yake ba ka tazarar huɗu-huɗu.

Wannan ya bayyana me ya sa da'irar take rufewa, amma bai bayyana me ya sa shaf ke ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya ba. A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan ne daɗin yake. Ɗauki amo bakwai na sikel ɗin C, wato fararen madannai, ka jera su bisa tazarar biyar maimakon bisa tsayin sauti:

```
F C G D A E B
```

Babu giɓi ko ɗaya. Ashe sikel ɗin meja yanki ne na da'irar, zobba bakwai a jere cikin sarƙa mai zobe goma sha biyu, kuma amon gida shi ne na biyu daga hagu. Idan kana son komawa G, sai ka matsar da yankin taki ɗaya zuwa dama. F ya faɗi ta baya, wani sabo ya shigo ta gaba, kuma abin da ke bin B a sarƙar shi ne F#. Sake matsawa: C ya faɗi, C# ya shigo, ka samu D. Saboda haka jerin shaf da ake rubutawa a farkon layin kiɗa, F# C# G# D# A# E# B#, ba wani ne ya tsara shi don son ransa ba. Sarƙar ce ta ci gaba da tafiya. Idan ka matsa hagu, B ne ke faɗuwa, Bb ya shigo, jerin filat ya zama na shaf ɗin a juye: Bb Eb Ab Db Gb Cb Fb. Ranar da na ga wannan, haddar da takardar ta nema ta zo da kanta.

Amfanin da nake samu kullum yana cikin tagar. Idan na tsayar da ita a kan D, a waje ina ganin G, D, A, a ciki kuma Em, Bm, F#m, inda ƙaramin m ke nufin maina. Kod shi ne amon da ake haɗawa a buga lokaci guda, kuma waɗannan shida su ne kod-kod ɗin meja da maina na ki ɗin D, saura na bakwai kawai, C#dim, wanda faifan ya maƙale a wani ɗan lungu. Kuma biyar ɗin da ke kewaye da D su ne ki mafiya kusanci da shi: Bm alamominsu iri ɗaya ne, shaf biyu, G da Em sun rage ɗaya, A da F#m sun ƙara ɗaya. Kusancin nan ba zancen baki ba ne, ana iya ƙirga shi. D da A sun yi tarayya a amo shida cikin bakwai, bambancinsu G da G# kaɗai. Kowane amo na sikel yana shiga kod uku daga cikin bakwai masu amo uku-uku, don haka sauya amo ɗaya yana taɓa kod uku, huɗu su tsira. Tsakanin D da A, masu tsiran su ne D, F#m, A da Bm.

Ga yadda na yi aiki da wannan. Ina da wata waƙa tawa a D, baitinta na tafiya D, G, A, D, ina son amshin ya ɗaga zuwa A ba tare da mai sauraro ya ji an fizge shi ba. Na duba huɗun nan na zaɓi Bm, domin a D shi ne kod na shida, a A kuma na biyu, wanda bisa al'ada yake jan hanya zuwa na biyar. Na rubuta:

```
D  G  D  Bm  E7  A
```

Har zuwa Bm kunne yana zaton yana gida. Da E7 ya sauka sai G# ya bayyana, kuma shi ne ya sanar cewa an ƙaura. A gwajin farko ban yi nasara ba, domin yatsuna sun saba da D, suka buga Em a wurin. A ɗin da ya biyo baya sai ya ji kamar yana jiran D ya dawo, bai zauna ba. Wannan ita ce alamar da nake dubawa yanzu: idan ka isa sabon ki amma kunnenka na jan ka baya, duba ko sabon amon ya fito fili. Idan G na nan, ba ka bar D ba, ko da ka buga A sau goma.

Yanzu kurakuran faifan. Na farko yana ƙasan da'irar, inda shaf da filat suke haɗuwa. Na tsayar da taga a kan F# meja, mai shaf shida, sai ta nuna mini B a gefe ɗaya, Db a ɗaya gefen. A madanni babu laifi, wuri ɗaya ne yatsa ke taɓawa. A rubuce kuwa kuskure ne, domin kod na biyar a F# sunansa C#, haka Bbm da ke ciki ya kamata ya zama A#m. Kowane sikel yana amfani da harufa bakwai ɗin nan sau ɗaya-ɗaya, shi ya sa amo na bakwai a F# ake kiransa E# ba F ba. Mai koyo da ya kwafi abin da ya gani zai cakuɗa shaf da filat a layi ɗaya. Masu faifan sun rubuta suna biyu a gurbi uku na ƙasa a zagayen waje, amma bayanin da ke fitowa a taga na suna ɗaya ne kawai.

Wannan haɗuwar ma tana da labarin da na so a ce takardar ta taɓa ko da layi biyu ne. Tazarar biyar tsantsa ita ce 3/2 a yawan kaɗawar sauti. Idan ka jera 3/2 guda goma sha biyu ka ninka su da juna za ka samu kusan 129.75, alhali oktaf bakwai, da yake kowanne ninki biyu ne, 128 ne daidai. Rarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce na rabin taki, ita ake jingina wa sunan Pythagoras, masanin lissafin tsohuwar Girka. Piyanon yau ya raba wannan rarar daidai a kan tazara goma sha biyu, ya ɗan tsuke kowacce kaɗan, sannan F# da Gb suka zama madanni guda. Ba don haka ba, da sarƙar ba ta haɗe ba. Zanen da'irar ya daɗe: yana cikin littafin masanin kiɗa Nikolai Diletsky na shekarun 1670, sannan mawallafin kiɗa Johann David Heinichen ya buga nasa a 1711.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin ya shafi maina. Ka tsayar da taga don Am, za ta ba ka Em a matsayin kod na biyar. Amma a yawancin kiɗan da ke A maina, E meja ake bugawa idan ana son rufe jimla, da G# a ciki, wanda ba ya cikin alamomin ki ɗin sam. Faifan bai nuna wannan ba ko ta gefe. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai ga G# a takarda ya zaci an ƙaura zuwa A meja. Haka nan faifan ya ajiye C maina taki uku nesa da C meja, domin filat uku ne tsakaninsu, alhali a kunne su biyun suna da gida ɗaya da kod na biyar ɗaya, kuma ana shiga daga wannan zuwa wancan cikin sauƙi. Da'irar yawan amon da aka yi tarayya a kai take aunawa, kuma wannan hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin da ki biyu ke kusantar juna.

Ta fuskar ƙarko, kwalin ya riƙe, rubutun bai goge ba. Ƙusar tsakiya ce ta fara saki bayan wata uku, taga na zamewa idan na jingine shi a tsaye, sai na sa ɗan matsin takarda a gefe. Haruffan zagayen ciki ƙanana ne, da dare sai na kusanto da fitila.

Wanda ya riga ya san sikel uku ko huɗu da yatsunsa, yana son ya fara sauya ki ko ya gane inda waƙa ta dosa, zan ce masa ya saya. Wanda bai taɓa buga sikel ɗin G ya ji yadda F# ke jan kunne zuwa gida ba, ya fara da madannai tukuna. Ni dai na ɗauki alƙalami na rubuta C# da A#m ƙanana kusa da Db da Bbm, na kuma ƙara E a gefen Am, B a gefen Em, haka har na zagaye faifan.