Sirinjin baki ko cokalin shayi wajen ba yaro magani?

"Salam ƴan uwa, dan Allah ina da tambaya. Yarona shekararsa biyu, kilo 12, zazzaɓi yake yi muka kai shi mustausaf nan Jidda, likita ya rubuta farasitamol 7.5 ml, a saidaliyya kuma suka haɗo min da wani sirinji mara allura. Hajiyarmu (surukata) ta ce in bar wahalar da yaro in ba shi cokali ɗaya da rabi kawai, ai da cokali suka raini nasu. Wai akwai bambanci ne ko duk ɗaya ne?"

Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah Ya ba shi lafiya Ya sa kaffara ne. Akwai bambanci sosai, kuma sirinjin nan shi za ki riƙe. Lissafin Hajiya a takarda daidai yake fa, don cokalin da masu magani suke nufi idan sun ce ƙaramin cokali 5 ml ne, kinga ɗaya da rabi ya zama 7.5 ml ɗin da likita ya rubuta. Matsalar ita ce cokalin da ke cikin durowar kicin ɗinki ba wanda ya ƙera shi don awo, an yi shi ne don juya shayi da shan kunu, kowane kamfani da irin zurfin da ya ga dama.

A 2010 wasu likitoci a ƙasar Girka sun bi gidaje sun tattaro cokulan shayi suka auna, suka samu wani 2.5 ml kawai yake ɗauka, wani kuma har 7.3 ml, kusan ninki uku kenan tsakanin ƙarami da babba alhali duk sunansu cokalin shayi. Mu nan ma ki duba gidanki, akwai ɗan mitsitsin nan da ake sawa a istikana, akwai na set ɗin da aka sayo a Balad, akwai wanda aka zo da shi daga gida cikin kayan aure, ki zuƙi ruwa 5 ml da sirinjin ki matsa a kowanne ki gani da idonki, wani zai cika ya zube wani ko rabi ba zai kai ba. Ki yi wannan a gaban Hajiya ma, cikin ladabi, ya fi dogon musu.

Toh bari mu ɗauki yaronki mu lissafa. Farasitamol da nauyin yaro ake ba da shi, 10 zuwa 15 mg a kowane kilo. Kilo 12 sau 15 ya ba da 180 mg. Idan kwalbar da aka ba ki an rubuta 120 mg/5 ml a jikinta, to 180 mg shi ne 7.5 ml cif, daga nan likitan ya samo adadin. Da sirinji kin ja zuwa layin 7.5, yau da gobe da jibi abu ɗaya yaro zai sha, ko ke kika ba shi ko babansa ko ƴar aiki. Da cokali kuwa idan ɗan ƙaramin nan kika ɗauko, ɗaya da rabi bai kai 4 ml ba, wajen 90 mg, rabin abin da likita ya rubuta, sai ki ga awa biyu jiki na nan rau kamar ba a ba shi komai ba, ki ce maganin ba shi da kyau ko ki ƙara masa wani kafin lokaci ya yi. Idan kuma mai zurfin ne, ɗaya da rabi ya kai kusan 11 ml, sama da 260 mg. Sau ɗaya ba zai yi masa komai ba insha Allah, amma sau huɗu a rana kwana uku huɗu a jere ga yaron da ba ya cin abinci sosai, hanta ce take ɗaukar nauyin. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne a ɗauko cokalin cin shinkafa, babban cokali a awon magani 15 ml ne, ɗaya da rabinsa 22.5 ml, ninki uku na abin da aka rubuta.

Ga kuma rabin nan, wlh ni ban san yadda ake gane rabin cokali da ido ba, ƙasan cokali a tsuke yake samansa a buɗe, abin da ido ya ce rabi ne yawanci bai kai ba. Sannan maganin ruwa mai kauri ne yana tudu a saman cokali yana kuma manne masa, ga yaro ɗan shekara biyu yana fizge-fizge da kai da hannu, kafin ya kai baki wani ya zube a riga wani ya gangaro ta haɓa, yanzu nawa ya shiga ciki? Ba ki sani ba, kuma ba za ki iya ƙarawa ba tunda ba ki san nawa ya ɓace ba. Sirinji ko ya buge hannunki maganin na ciki, ki duba layi ki ga saura 3 ml ki ci gaba daga inda kika tsaya.

Inda cokali ya fi shi, gaskiya, yana nan a kowane gida, ba ya ɓata, wanke shi ba wuya, kuma wasu yaran da sun ga sirinji sai su tuna allurar rigakafi su fasa ihu. Wannan na ƙarshen yana da magani, ki bar shi ya riƙe sirinjin ya yi wasa da shi ya ga ba tsini, ki zuƙo masa ruwa ko asir ya tsotsa lokacin da yake lafiya. In ma ya ƙi fur, ki auna da sirinjin ki matsa a cokalin da ya saba da shi kaɗan kaɗan ki ba shi, awon dai sirinji ne ya yi. Ɗan kofin roba da ke zuwa a kan murfin wasu kwalabe ya fi cokalin kicin amma a ƙananan awo irin 2.5 ko 7.5 ana yawan zarcewa da shi, ya fi dacewa da manyan yara.

Shi ma sirinjin fa ana kuskure da shi idan ba a iya ba, don haka ga yadda ake yi. Ki girgiza kwalbar tukuna, musamman antibayotik ɗin nan na gari da ake haɗawa da ruwa, don maganin yana kwantawa a ƙasa. Ki tura sandar sirinjin har ƙarshe, ki sa bakinsa cikin maganin ki ja a hankali. Wasu kwalaben suna da wata roba mai rami a baki, ki cusa sirinjin a ramin ki kifa kwalbar ki ja. Idan kin ga kumfar iska babba a ciki ki mayar ki sake ja, iskar ba za ta cutar da shi ba amma ta cinye wurin magani. Wajen karantawa ki ɗaga shi daidai idonki a wuri mai haske, gefen sandar mai faɗi wanda yake taɓa maganin shi zai zauna a kan layin 7.5. Idan naki na 5 ml ne sai ki ja sau biyu, 5 sannan 2.5. Kuma idan kin ga cc a takardar likita ko kin ji ɗan saidaliyya ya ce si si, shi ne ml ɗin, kar ya ruɗa ki.

Wajen ba shi kuma ki zaunar da shi a cinyarki kansa a sama, kar ki kwantar da shi rigingine kar kuma a toshe masa hanci irin yadda ake yi da, wannan shi ke kawo sarƙewa magani ya bi hanyar numfashi. Ki sa bakin sirinjin ta gefen baki can cikin kunci, ki matsa ɗan kaɗan kamar 1 ml, ki jira ya haɗiye, ki ƙara. Kar ki saita maƙogwaro ki danna gaba ɗaya, zai ƙware ko ya yi amai. Idan sirinjin ya zo da ɗan murfi a baki ki cire ki jefar nesa da shi, yara na haɗiye shi. Idan ya amayar bayan ya sha kar ki maimaita da kanki sai kin tambaya. In kin gama ki zare sandar ki wanke su daban daban da ruwan ɗumi da sabulu ki bari su bushe, kuma ranar da lambobin jikinsa suka fara gogewa ki canza, kowace saidaliyya ana samu da kuɗi kaɗan.

Abu ɗaya da sirinji ba zai iya yi miki ba shi ne karanta kwalba. 7.5 ml ɗin nan na kwalbar 120 mg/5 ml ne kawai. A nan Saudiyya farasitamol ɗin yara yana zuwa da ƙarfi daban daban, akwai 160 mg/5 ml wanda 180 mg ɗinsa wajen 5.6 ml ne, akwai kuma na ɗigawa na jarirai mai 100 mg a kowane 1 ml, wanda in kika ja 7.5 ml daga cikinsa kin ba yaro 750 mg, sama da ninki huɗu. Don haka in wannan kwalbar ta ƙare babansa ya sayo wata, ko maƙwabciya ta miƙo miki tata, ki duba lambar da ke gaban kwalin kafin ki ja, in ta bambanta ki tambayi ɗan saidaliyya ml nawa ne na kilo 12. Haka kuma wasu sirinjojin da ke zuwa cikin kwali layukansu na kilo ne ba na ml ba, irin wannan na maganinsa ne shi kaɗai ba a aro shi a auna wani.

A antibayotik ma kwalbar da kanta tana tona asirin cokali. Misali an ba ki 100 ml aka ce 5 ml safe da dare kwana goma, ya kamata ta ƙare daidai rana ta goma. In ta ƙare a rana ta bakwai cokalinki 7 ml yake ɗauka, in kuma kwana goma sun cika rabi na nan to rabin magani yaro ya sha, ciwon kunnen ko na maƙogwaron yana iya dawowa.

Ki riƙa rubuta lokacin da kika ba shi a jikin kwalin, farasitamol tsakani awa 4 zuwa 6 ne kuma kar ya wuce sau huɗu a awa 24, ki kuma duba maganin mura in ana ba shi don wasu da farasitamol a ciki. Idan kuma an riga an ba shi da babban cokali ko daga kwalbar jarirai kar ki tsaya jiran alama, yawan farasitamol a ranar farko yaro yana iya zama garau ko ɗan amai kawai, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ciwon hanta ke bayyana, kuma maganin da ke kare hantar ya fi aiki a cikin awa takwas na farko. Ki kira 937 na ma'aikatar lafiya ko ki ɗauke shi zuwa ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, ki tafi da kwalbar da cokalin da aka yi amfani da shi, don su auna su san nawa ya sha.