Wata huɗu ina ɗiga maganin ido kala biyu, ga abin da na gani

Tun bayan ƙaramar sallah likita ya ce ina da hawan jinin ido, wato gilakoma, da aka auna matsin ruwan da ke cikin idon dama ya nuna 28 alhali lafiyayyen ido yawanci tsakanin 10 zuwa 21 yake. Aka rubuta min magani kala biyu, timolol 0.5% safe da dare, sai latanoprost sau ɗaya kawai da dare. Ni dai na karɓa na taho gida ina ganin ai ɗiga magani a ido ba wani abu ba ne da sai an koya wa mutum, ashe nan gizo ke saƙa.

Bari in fara da kwalaben kansu tunda su na saya da kuɗina. Ta timolol mil 5 ce, robarta da ɗan tauri, sai ka matsa sosai kafin ɗigo ya fito kuma in ka matsa da yawa biyu ko uku su zubo a tare. Ta latanoprost 'yar mitsitsiya ce mil 2.5, ta fi ɗayar tsada nesa ba kusa ba, ita kuma laushi gare ta, da ka kifa ta ma tana iya sakin ɗigo kafin ka shirya. To saboda tsoron kar in yi asarar mai tsadar nan sai na riƙa kai bakin kwalbar daf da ido har yana gogar gashin idona, wani lokacin ma in ji sanyinsa a kan ƙwayar idon.

Wata guda na koma asibiti aka auna, 24. Ya sauka amma ba yadda ake so ba. Wata nas dattijuwa ta ce Hajiya fito da maganin naki ki nuna min yadda kike sawa. Tana buɗe murfin ƙaramar ta juyo min da bakin, wallahi kunya kamar in nutse, baƙin kwallina ne ya zagaye shi. Ta ce kin ga wannan, duk abin da ke gashin idonki ya hau nan, kuma in kin matsa robar kin saki tana zuƙar iska ta koma ciki, har da ƙwayoyin cutar da ke bakin, gobe ki sake ɗiga su a ido. Ban da haka bakin robar yana iya karce baƙin ido. Na kai hannu zan goge da gefen mayafina ta riƙe ni, ta ce wannan ai ƙarin datti ne. Dole na sayi wata.

Sai ta tambaye ni da dare wanne nake fara sawa kuma minti nawa nake bari a tsakani. Na ce wane minti kuma, ina ɗiga wannan nake bin shi da wancan in kwanta. Ashe babbar ɓarnar ma nan take. Ido ba ya iya riƙe ko ɗigo ɗaya cikakke, ɗigon da kwalba ke saki ya fi wurin da zai zauna yawa, shi ya sa kullum sai wani ya gangaro kumatu. To in na biyu ya sauka kafin na farko ya ratsa, wanke shi yake yi ya kuma tsarma kansa, ka ga an yi biyu babu ke nan. Ta ce aƙalla minti 5, in na bar 10 ma ya fi. Kuma ɗigo ɗaya ya wadatar, na biyun da nake ƙarawa wai don ya fi aiki kuɗina kawai nake zubarwa.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma sai da na yi kusan sati kafin hannuna ya faɗa. Ina wanke hannu da sabulu, in buɗe murfin in kwantar da shi a gefensa kan faranti mai tsabta, in kwanta rigingine saboda a zaune wuyana ba ya lanƙwasuwa yadda ya kamata. Da ɗan yatsan hagu nake jan fatar ƙasan ido ta yi kamar ɗan aljihu, sai in ɗora hannun daman da ke riƙe da kwalbar a kan bayan hannun hagun. Wannan jinginawar ita ce ta gyara min komai, don da hannun a sama yake yana rawa shi ya sa nake kusantowa. Tazarar kamar faɗin yatsu biyu, in kalli silin ba kwalbar ba, in matsa a hankali ɗigon ya faɗa aljihun nan ba tsakiyar ido ba. In ya kuskure ya sauka a fata ina sake ɗaya, in kuwa na ji shigarsa shi ke nan ko da rabi ya zubo.

Daga nan sai in lumshe idon ba tare da ƙifce-ƙifce ba, in danne kusurwar da ke kusa da karan hanci da yatsa kamar minti biyu. Akwai 'yar kafa a wurin da hawaye ke bi ya sauka hanci, ita ce ta sa in mutum ya yi kuka majina ke zubo masa. In ba a toshe ta ba maganin can yake tafiya ya shiga jini, shi kuma timolol yana rage bugun zuciya yana kuma iya tayar da asma, shi ya sa tun farko likita ya tambaye ni ko ina da ita. Wata maƙwabciyarmu ta ce in ɗiga mata nawa idonta na ƙaiƙayi, na ce a'a ki yi haƙuri, ba irin wannan ba ne.

Maganar jiran kuwa, da farko ina sa timolol in ce bari in jira sai barci ya kwashe ni, sau biyu ina wayar gari ban sa na biyun ba. Sai na raba su gaba ɗaya, timolol bakwai na safe da bakwai na dare, latanoprost kuma sai bayan isha'i wajen tara in zan kwanta, na sa ƙararrawa a waya. Ba ruwana da ƙirga minti yanzu. Wanda aka haɗa masa da na shafawa irin mai maiƙon nan, nas ta ce shi ne ƙarshe, don in ya riga shiga ɗigon ba zai ratsa ba.

Abin da ban ji daɗinsa ba game da latanoprost shi ne ajiya. Kafin a buɗe a firji ake son ta, bayan an buɗe takardar ciki ta ce kar zafi ya wuce digiri 25, ku gaya min wane ɗaki ne a Kano yake ƙasa da 25 a watan Afrilu ga wuta ba tsayawa take ba. Nakan sa ta a robar da ke rufuwa ruf in ajiye a gindin randa in firjin ya huce. Sanyin ma ya yi min rana, don in ɗigon da sanyi ina jin saukarsa sarai ba sai na yi ta tantama ba. Tana ɗan sa min jan ido, gashin idona kuma ya ƙara tsawo, wannan kam ban yi ƙorafi ba. Timolol yana ɗan yaji na 'yan daƙiƙu ya wuce. Dukansu ina rubuta ranar buɗewa a jikin kwali, sati huɗu in yar ko da saura, ta timolol kullum sai ta yi ragowa kuma yana min ciwo.

Awon da aka yi min satin da ya wuce 17 ne, magani dai shi ne ba a canja komai ba. Kwalli kuma tun kafin magariba nake wanke shi.