Kafin ka zaɓi ejan a Chana, tambayi wane kilo yake nufi

Wata ƙanwata da ke sayar da jakunkuna da takalma daga gida a Ƙofar Ƙaura ta zo min da waya a hannu, ranta a ɓace. Ta ce, "Yaya, duba min wannan lissafi. Kayana ba su kai kilo 22 ba, amma an rubuto min kuɗin kilo 35. Ko dai cutata aka yi?" Na karɓa na duba hotunan da siton ejan ɗinta, wato mai yi mata jigilar kaya daga Chana, ya turo mata daga birnin Guangzhou. Ba wanda ya ƙara mata ko giram ɗaya a sikeli. Abin da ya faru shi ne ta zaɓi ejan saboda farashinsa na kilo ya fi na kowa sauƙi, ba ta tambayi yadda yake ƙirga kilon ba.

A jirgin sama kaya suna da nauyi iri biyu. Akwai wanda sikeli ya nuna, akwai kuma nauyin girma, wato wurin da kwalin ya cinye a cikin jirgi. Kamar direban mota ne a tasha: in ka zo da buhun auduga ba zai karɓi kuɗin nauyinsa ba, kuɗin kujerar da ya tare zai karɓa. Ana auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita, a ninka su, sannan a raba.

```
(tsawo × faɗi × tsayi) ÷ 6000
```

Abin da ya fito shi ne nauyin girma a kilo. Sai a kwatanta shi da na sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Lambar 6000 ita ce aka saba da ita a kagon jirgin sama, amma manyan kamfanonin aike na gaggawa irin su DHL da 5000 suke rabawa, kuma wasu ejan ma ita suke bi. Ƙaramar lamba tana ba da kilo mai yawa. Bambancin kashi 20 cikin ɗari ne a kan kowane kwali mai girma, kuma ba kasafai ake rubuta shi a tallar da ake yaɗawa a WhatsApp ba.

Ga yadda kayanta suka kasance. Ta saya daga 'yan kasuwa uku a 1688, shafin intanet na sarin kaya a Chana, kowa ya aika nasa kwalin zuwa sito. Na farko gyale 40 ne, kwalin 40 × 30 × 20, sikeli ya ce kilo 6.2, girma ya ce kilo 4, don haka sikeli ya yi rinjaye, aka cike shi zuwa 7. Na biyu jakunkuna 10, an cusa musu takarda don kada su lotsa, kwalin 60 × 40 × 40. A sikeli 7.3 ne kacal, amma 96,000 in ka raba da 6000 kilo 16 ke nan. Na uku takalma ƙafa 12, kowanne a cikin ɗan kwalinsa, 50 × 40 × 36, sikeli 8.4, girma 12. Ka haɗa 7 da 16 da 12, ga 35 ɗin da ya tayar mata da hankali. Fiye da kilo 12 a ciki iska ce da takarda.

A nan ne haɗa kaya yake da amfani, kuma a nan ne ake gane ejan na ƙwarai. Wani in ka ce ya haɗa, sai ya ɗauki kwalayen uku yadda suke ya naɗe su da salatif a buhu ɗaya. Wannan bai rage maka komai ba, wataƙila ma ya ƙara, domin yanzu har ramukan da ke tsakanin kwalayen sun shiga awo. Haɗawar gaskiya ita ce a buɗe kowane kwali a sake shiryawa. Muka rubuta wa sito cewa a zubar da kwalayen takalma, a cire takardar cikin jakunkuna, a cusa gyalen a madadinta. Gyalen ya riƙe jakar ba ta lotsa ba, shi kuma ya daina cin wurin kansa. Komai ya shiga kwali ɗaya mai 60 × 50 × 45. Wannan 135,000 ne, a raba da 6000 ya ba da 22.5, sikeli kuma ya nuna 21.1. Aka cike zuwa 23. Daga 35 zuwa 23, da saƙo ɗaya da ɗan kuɗin sake shiryawa.

Amma ba kowane kwali ake zubarwa ba. In takalmin na masu tsada ne, wanda mai saye a Katsina zai so ya gan shi cikin kwalinsa kafin ya yarda da farashin, ka ce a warware kwalayen a shimfiɗe su a ƙasan babban kwalin, ka sake haɗa su a gida. Kayan fashewa kuwa, irin kofunan tangaran da turare, kada ka taɓa rigarsu. Ka biya kuɗin iskar, ya fi ka karɓi ɓaraguzai.

Yanzu mu ɗauki wannan kwali ɗaya mu kai shi wurin mutum uku. Farashin da zan sa misali ne kawai don lissafi, domin na gaskiya yana motsi da dala da kuma lokacin shekara. A ce na farko yana karɓar dala 9 a kilo amma da 5000 yake rabawa: kwalin ya zama kilo 27, kuɗi dala 243. Na biyu dala 10, da 6000: kilo 23, dala 230. Na uku ya ce shi sikeli kawai ya sani, dala 11: kilo 22, dala 242. Wanda ya fi araha a talla shi ya fi tsada a wannan kwalin. Da kayan gyale ne zalla ko atamfa, masu nauyi marasa cin wuri, na farko ne zai yi nasara, tunda girma ba zai shigo lissafi ba. Da filo ne ko kayan wasan yara, na uku za ka nema, sai dai ka tabbata maganarsa ta sikeli kawai ta haɗa da irin waɗannan, don da yawa suna da iyakar da in kaya suka wuce ta sai su koma awon girma. Saboda haka ba a cewa wane ejan ya fi araha sai an san me za a ɗauko.

Sai batun wa zai yi sayayyar. Akwai ejan da za ka tura masa hoton kaya ko adireshin shafin, ya saya, ya duba, ya aiko. Yana cin kamasho, kuma sau da yawa riba ta biyu tana cikin canjin da yake ba ka daga naira zuwa yuwan, don haka ka kwatanta canjinsa da na wani a rana ɗaya. Akwai kuma wanda adireshin sito kawai zai ba ka da lambarka ta kwastoma, kai ka saya da kanka, ka sa mai kaya ya rubuta lambar a jikin kwali. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, amma in an aiko jar jaka maimakon baƙa, kai za ka yi rigimar da mai kaya, kuma in lambar ba ta jikin kwali kayanka za su zauna a sito ba mai su. Ni a ganina wanda bai taɓa yi ba ya fara da na farkon, oda biyu ko uku, ya koyi awo a hannun wani kafin ya tsaya da ƙafarsa. Kamfanonin gaggawa kuma na samfur ne da takardu da ƙaramin abu mai tsada. Kwali irin na ƙanwata ba wurinsu ba ne.

Jirgin ruwa lissafinsa daban. Can ba a cika damuwa da kilo ba, da CBM ake ciniki, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Kwalinmu 0.6 × 0.5 × 0.45 ne, ya ba da 0.135. A ce CBM dala 300 ne, kuɗinsa dala 40 da ɗoriya, abin kamar kyauta. Tambayar da za ka yi ita ce mafi ƙarancin da suke karɓa. In rabin CBM ne, dala 150 za ka biya ko kayanka ba su cika shi ba. Ga kuma jira: kwantena sai ta cika, tafiyar ruwa zuwa tashar Apapa ko Tin Can a Legas ta haura wata guda, sai kwastan, sai hanyar Arewa. Ka sa wata biyu zuwa uku a ranka. Wanda ke son kayan Sallah ya ƙirga baya, ya kuma tuna hutun sabuwar shekarar Chana da ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, da na makon farko na Oktoba, lokacin da masana'antu da sito-sito ke rufewa ko aiki ya ja baya.

Abu ɗaya da ke ɓata haɗin kaya shi ne batir. Waya, agogon zamani, fitilar caji, duk abin da ke da batirin litiyam yana da dokarsa a jirgin sama, ejan da yawa ta Hong Kong suke bi da shi a farashi mafi tsada. In ka bari aka jefa fitila biyu cikin kwalin gyale, kwalin gaba ɗaya zai iya komawa wancan farashin. Haka ruwa-ruwa da hoda da man shafawa. Ka ware su tun a oda.

Kafin ka biya, ka nemi hoto biyu: kwalin a kan sikeli ana ganin lambar, da kwalin da tef a jikinsa ta ɓangarori uku. Ka yi lissafin da kanka a waya. Ka tambaya ko ana cikewa zuwa rabin kilo ko cikakke, kuma a kan kowane kwali ne ko a jimla, domin ƙananan ƙunshi goma da aka cike ɗai-ɗai za su iya ci maka kilo huɗu ko biyar a banza. In mai kaya a Chana ya faɗa maka nauyi, ka tabbata kilo yake nufi, domin suna da ma'aunin da suke kira jin, rabin kilo ne. Wanda kuma ke saye daga Amurka ta sito na can, da fam da inci ake lissafi, fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne.

Saura tambayar da ta fi shafar mu 'yan Katsina da Daura: farashin nan a ina ya ƙare? Yawanci kuɗin dala na jirgi ne, akwai kuɗin fitar da kaya daga kwastan da ake biya da naira a kan kowane kilo, kuma a kan kilon da aka caje ka ne, wato 23 ɗin, ba 21 ba. Wani farashinsa Legas ya tsaya, wani yana da ofis a Kano. Bambancin ba ƙarami ba ne. Daga Kano kilomita wajen 170 ne zuwa Katsina, ka ba direban da ka sani da safe, kafin la'asar ka je tasha ka karɓa, ko ka shiga mota da kanka ka auna kayan a gabansu. Daga Legas kuwa sai an sake ba wata babbar mota, a sake biyan kuɗin kwali, a sake jiran kwanaki, kuma in kwalin ya iso a yage ba ka san a hannun wa ya yage ba. Ni nakan yarda in ƙara ɗan wani abu a kilo don kayana su sauka Kano.

Da kwalin ƙanwata ya iso, mun ɗora shi kan sikelin wani mai sayar da hatsi a unguwa kafin a yanke salatif. Ya nuna 21 da ɗan ɗigo, tef ɗin tela kuma ya ba da 60 da 50 da 45, daidai da hoton sito. Oda ta gaba ta ce wa mai jakunkunan tun daga shagonsa kada ya cusa takarda.