Sabunta dashbod kullum da safe: cron, Cloud Scheduler ko tiriga ta Google Sheets?

"Ina son dashbod ɗin cinikinmu ya riƙa sabunta kansa da ƙarfe 6 na safe ba tare da na taɓa komai ba. Wanne zan ɗauka a cikin ukun nan?"

Malam, ka ɗauki Cloud Scheduler, manhajar Google Cloud da ke tayar da aiki a lokacin da ka tsara. Da shi nake tafiyar da rahoton rumbun kayanmu, kuma abin da ya sa na riƙe shi shi ne halinsa a ranar da aiki ya faɗi babu kowa a kusa. Wata safiya ma'ajiyar bayananmu ta ƙi amsawa, sai ya dakata ya sake kira, kafin mai gida ya iso ofis alƙaluma sun cika. Sai dai da hannunka za ka saita wannan maimaicin a `Max retry attempts`, domin a sifili yake zuwa, kuma ba ya wuce 5. Lokacin kuwa haka ake rubuta shi, sannan ka zaɓi `Africa/Lagos`:

```
0 6 * * *
```

Ka sani cewa shi ba ya yin aikin da kansa, adireshi kawai yake kira, don haka shirin da ke janyo bayanan zai zauna a wuri irin su Cloud Run, inda Google ke gudanar maka da shiri. Tun da yana iya kira sau biyu, ka rubuta shirin yadda zai goge layukan ranar ya sake zuba su, maimakon ya ƙara a ƙasa, in ba haka ba cinikin Talata zai fito ninki biyu. Ayyuka 3 na farko kyauta ne, amma sai ka haɗa katin banki.

`cron`, mai tayar da aiki a kan kwamfutarka, na aiki, amma idan an ɗauke wuta kwamfutar na kashe da ƙarfe 6, ya tsallake ranar ke nan, ba zai rama ba. Idan kuma a kwamfutar saba mai bin agogon UTC yake, layin nan na sama zai tashi ne da ƙarfe 7 agogon Najeriya.

Tiriga ta Sheets, wato saitin da ke tayar da shiri da kansa a kan lokaci, ta wadatar idan bayanan kaɗan ne kuma duk a cikin Sheets suke. Ba ta cika alƙawarin minti, tsakanin 6 da 7 take zaɓar lokacinta, ana yanke shirin idan ya wuce minti 6, kuma da asusun wanda ya ƙirƙire ta take aiki, saboda haka ranar da aka rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki ita ma ta tsaya.

Ka kuma yi hattara da masu tallar asusun Google Cloud da suka ce an cika shi da kuɗin gwaji a farashi mai rahusa. Irin waɗannan asusu ana rufe su ba sanarwa, kuma mai sayarwar na iya riƙe mabuɗin shiga bayananka. Ka buɗe naka da imel ɗin kamfani, sannan ka sa kwanan wata da lokacin sabuntawa na ƙarshe a saman dashbod ɗin, domin duk wanda ya buɗe ya gane ko na jiya yake kallo.