Kafin ku biya kuɗin manhajar tsara jadawalin taro

Kwamitin shirya taro kan fara da tambayar wace manhaja za a saya, alhali lissafin gurabe ya kamata ya rigayi ciniki. A ɗauka taron kwana 3 za a yi a Kaduna, Alhamis zuwa Asabar, da ɗakuna 3: babban zaure mai kujeru 300, da wani mai 80, da ƙarami mai 40. Ana farawa 9:00, a tashi 1:00 don azahar da abinci, a dawo 2:30 zuwa 4:00 kafin la'asar. Idan aka cire rabin awa na shayi, kowace muƙala kuma ta ci minti 30, kowane ɗaki na da gurbi 10 a rana, wato 90 gaba ɗaya. Bikin buɗewa na awa 2 zai tara kowa a babban zaure, gurabe 12 sun tafi ke nan. Ran Juma'a a tashi 12:00 saboda masallaci, wasu 6 sun tafi. Saura 72. Kwamitin da ya amshi muƙaloli 85 ba shi da manhajar da za ta fid da shi, sai dai ya ƙara ɗaki ko ya rage muƙala.

Bayan wannan, abu biyu ake nema daga manhaja: ta hana a sa mutum ɗaya a ɗakuna biyu lokaci guda, ta kuma hana mutum 70 su tunkari ɗaki mai kujeru 40.

Mafi araha shi ne Google Sheets ko Excel, kuma ga taro mai wannan girman ba abin rainawa ba ne. Sharaɗin shi ne kowane mutum ya sami layinsa a kowane zama, har shugaban zama, don a nan aka fi yin karo: farfesa yana shugabantar zama a ƙaramin ɗaki, ga muƙalarsa a babban zaure. Idan suna na ginshiƙin B, rana da lokaci na ginshiƙin C, wannan zai tona karon:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,C:C,C2)>1
```

Amma yana da iyaka. Lokacin farawa iri ɗaya kawai yake gani, don haka bitar da ta fara 10:00 ta kai 11:30 ba zai ga ta ci karo da muƙalar 10:30 ba. Sannan idan an rubuta Muhammad a layi ɗaya, Mohammed a wani, mutum biyu ya ɗauke su. Ku ba kowane mai jawabi lamba, ku yi lissafin da ita.

Idan tsawon zama ya bambanta, pretalx na fi so. Masu jawabi da kansu suke shigar da lokutan da za su samu, mai tsarawa kuma yana jan muƙala zuwa gurbi, manhajar ta gargaɗe shi idan mutumin ba ya nan ko yana wani ɗaki. Wannan na da amfani sosai a nan, inda wasu baƙin jirgin ƙasa suke biyowa daga Abuja, su sauka Rigasa, sannan su ratso gari. Tana kuma ajiye kowane bugu na jadawali, ta shirya saƙo ga waɗanda sauyi ya shafa. Kyauta ce ga mai sabarsa, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar a intanet, ko a biya masu ita su ɗauki nauyinta. Indico, wadda cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta ƙera, ita ma kyauta ce kuma ta dace da jami'a mai taro kowace shekara, sai dai tana buƙatar mai kula da saba. Don taro ɗaya tak, wahalar ta fi ribar.

Ta fannin kujeru kuwa Sched ta fi ƙarfi. Ana ƙayyade adadin masu shiga zama, idan ya cika sauran su hau jerin jira. Da dala ake biya, don haka a tabbatar katin ma'aji zai wuce, a kuma tambaya ko matakin da za a saya ya ƙunshi ƙayyade kujerun. Sai dai amfaninta ya rataya ga mahalarta su yi rajistar zama tun daga gida, mutanenmu da yawa kuwa sai sun iso suke zaɓa. Idan zama biyu ko uku ne kawai ke da matsi, kati 40 a hannun mai tsaron ƙofa ya wadatar.

Ko wacce kuka karkata gare ta, ku jarraba ta kafin biya. Ku shigar da zama 10 na gaske, ku ce mai jawabin 9:30 ya bugo waya ba zai iso ba sai bayan azahar, ku matsar da shi. Ku duba ko ta yi gargaɗin sabon karo, ko wanda aka yi musanya da shi ya sami labari, ko kuma za a iya buga jadawalin kowane ɗaki a takarda ɗaya a manna a ƙofa, don intanet kan yi rauni idan zaure ya cika. Ga taron gurabe 72, ni Sheets da katin ƙofa zan ɗauka muddin duk zaman minti 30 ne. Da zarar bita mai tsawo ta shigo, sai in koma pretalx.