Hashtag ko kalmar bincike: wanne zai kawo miki kwastoma a Zariya?

Ni dai kayan gara nake yi a Tudun Wada, alkaki, nakiya, dubulan, cincin, kuma kusan duk odar da nake samu yanzu daga gajeren bidiyo take zuwa. Mata da yawa suna tambayata wane hashtag nake sakawa, kamar akwai wani laƙani da na ɓoye. To bari in baje muku hanyoyin da na gwada, amma tun yanzu ku san inda na karkata: kalmar da mutane ke rubutawa a wurin bincike ta fi min duk wani hashtag amfani.

Manyan nan da kowa ke liƙawa, #fyp #viral #foryou, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ba sa gaya wa manhajar TikTok komai game da abin da ke cikin bidiyonki, mai rawa ya saka, mai sayar da mota ya saka, to alkakinki zai tsaya a ina? Su #arewa da #hausatiktok sun ɗan fi, aƙalla Bahaushe za su nuna, sai dai Bahaushen yana iya zama a Kumasi ko Jidda, ya yaba ya wuce, ke kuma dubulan ba ya zuwa Jidda a ɗan sahu.

Hashtag na sunan gari ya fi kusa da abin da muke so amma shi ma sai an duba. Ku danna #zaria ku gani da idonku, a ƙasashen waje suna ne na mata, sai ki tarar da bidiyon 'yan matan da ba su taɓa jin sunan Ƙofar Doka ba sun cakuɗe da namu. #abu ma haka, sunan mutane ne birjik. Shi ya sa nake saka #abuzaria in ɗaliban jami'ar ABU nake nema, ko #zazzau, kuma kafin in saka kowanne sai na buɗe shi na kalli bidiyo goma na farko, in ba irin mutanena ba ne in bar shi. Uku zuwa biyar sun isa, Instagram da kansu adadin da suka ba masu bidiyo shawara kenan tun 2021, kuma a ƙarshen 2024 ma sun cire damar bin hashtag gaba ɗaya. A YouTube kuwa in kika wuce 60 duka za a yi watsi da su. Wani abu ƙarami da ke cin mutane: hashtag yana yankewa a wurin tazara ko alamar rubutu, in kika rubuta #sana'a to #sana kawai zai kama, sai dai ki haɗe shi #sanaa.

Yanzu ga wanda nake so. Uwar amarya da biki ya matso ba hashtag take bi ba, wurin bincike take shiga ta rubuta abin da ke damunta. Aikinki shi ne ki gano me take rubutawa, harafi da harafi. Ki buɗe TikTok ki danna alamar bincike ki rubuta farkon kalmar kawai, misali alkaki, kar ki tura, ki tsaya ki ga abin da zai jero miki a ƙasa, waɗannan daga binciken mutane suke fitowa. Ki sake gwadawa da kayan gara, da gara zaria, da yadda ake alkaki. Akwai kuma Creator Search Insights, in kika rubuta sunan a wurin bincike zai buɗe ya nuna abubuwan da ake nema, ko da yake ni a kalmomin Hausa bai cika ba ni abin kirki ba, jerin nan na ƙasa ya fi min.

Sai ki lura da bambancin mai koyo da mai saye, nan ne na daɗe ina asara. Wadda ta rubuta yadda ake alkaki so take ta yi da kanta, za ta kalla har ƙarshe ta yi godiya, ba za ta saya ba. Wadda ta rubuta mai alkaki a zaria ko farashin kayan gara, wannan kuɗinta na hannu. Na yi wata biyu ina murnar yawan kallo ashe makarantar girki na buɗe kyauta.

Ga yadda na gyara wani bidiyo na daƙiƙa ashirin, bokitin alkaki ana zuba masa zuma. Da farko kafshan ɗin "Masha Allah aikin yau" ne da hashtag goma sha wani abu. Na sake ɗora shi da wannan:

```
Alkaki da dubulan na kayan gara a Zaria.
Muna kaiwa Samaru, Sabon Gari da cikin gari. Dublan, nakiya, cincin.
#kayangara #alkaki #abuzaria
```

Ku lura na rubuta dubulan na kuma rubuta dublan, don kowa da yadda yake rubuta shi. Na rubuta Zaria ba Zariya ba, haka aka fi bugawa a waya. Su ƙ da ɗ da ɓ kuma, duk son da nake wa rubutu mai kyau, mai ɗinki ta sa dinki a ciki don yawancin mutane ba su da masu lanƙwasar a madanninsu. Sannan jimlar farko na rubuta ta a kan bidiyon da rubutun manhajar, kuma na faɗe ta da bakina a daƙiƙa uku na farko. Rubutun na fi dogara da shi, ban yarda manhajar tana jin Hausarmu yadda take jin Turanci ba.

Yadda za ki san ya yi aiki, bayan kwana uku ko mako ki shiga Analytics na bidiyon, wato wurin da ke nuna lissafin masu kallo, ki duba inda masu kallo suka fito. In Search ya fara ɗagawa ba For You kaɗai ba, kalmar ta kama. Kallon bai kai na da ba, amma a cikin sharhi aka fara "Hajiya nawa ne bokiti" da "kuna kaiwa Hanwa?", wata ma daga unguwar Kongo ta ce abin da ta rubuta kenan ta same ni.

Sai masu damfara, kuma wallahi nan ne raina ke ɓaci. Wani ya shigo min ta saƙo, Anti kaza Anti kaza, wai yana da hashtag na sirri da manyan masu bidiyo ke amfani da su, dubu biyar kacal har da tabbacin kallo dubu ashirin. Na tura. Ya turo min jerin da ko yaro zai kwafo kyauta, washegari kuwa kallo ya yi tsalle, na yi ta murna har na nuna wa maigida. Da na buɗe Analytics sai na ga matsakaicin lokacin kallo bai wuce daƙiƙa biyu ba, ƙasashen da aka jero ba ko ɗaya da ake cin alkaki, sharhi babu, oda babu. Kallon bogi ya saya min ya laƙaba wa hashtag. Bidiyoyin da suka biyo baya kuma suka yi sanyi, ni a fahimtata manhajar ta ga ana shigowa ana ficewa ne ta ɗauka kayan ba su da daɗin kallo. Babu wani hashtag na sirri, duk wanda ke aiki a fili yake ƙarƙashin bidiyon mutane kowa na gani. Wanda ya yi miki alkawarin adadin kallo, saye zai yi. Wanda ya turo hoton shaida daga wani shafi, ki ce ya ɗauko bidiyon allon wayarsa yana buɗe Analytics har wurin ƙasashen masu kallo, yawanci daga nan ake daina amsa miki.

Mafi muni su ne masu cewa ki ba su lambar sirri ko lambobin da aka turo miki ta tes wai za su saita miki daga ciki. Hashtag a kafshan ake rubuta shi, ba ya buƙatar kowa ya shiga akawun ɗinki. Wata maƙwabciyata mai turaren wuta haka ta karanta wa wani lambobi shida a waya, kafin la'asar an canza sunan shafin ana tallan wani abu daban da mabiyanta, yanzu sabo take ginawa daga farko.