Maikurowef, bulutut da waya marar igiya: wanne ke tsinka waifai?

"Jama'a, waifai ɗin ofishinmu na yawan tsinkewa, musamman da rana. Akwai maikurowef a kicin, abokan aiki na sa abin kunne na bulutut, ga kuma wayar tebur marar igiya da muka saya 'yar gwanjo. Wanne zan tuhuma?"

Malam, duka ukun suna iya yin wannan ɓarna, domin suna iya cunkushewa a zango ɗaya da waifai ɗinka, wato na 2.4 GHz. Amma kowanne da irin alamarsa, kuma tunda ka ce da rana ne, ni maikurowef zan fara tuhuma.

Maikurowef yana ɗumama abinci ne da igiyar rediyo ta 2.45 GHz, da ƙarfin da ke kai wat 700 zuwa 1000. Akwatin ƙarfen da ragar ƙofar suna tare kusan duka, sai ɗan abin da ke yoyo ta gefen ƙofa. Wannan yoyon bai kai ya cutar da mutum ba idan ƙofar lafiyarta ƙalau, amma rawuta ita kanta yawanci ƙarfinta bai fi kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba, don haka ɗan yoyon ya isa ya danne ta. Kamar mai raɗa ne a gindin injin niƙa. Alamarsa ba ta ɓuya: da an kunna, bidiyo ya tsaya, da ya yi ƙarar gamawa, komai ya dawo daidai. Yawanci ya fi taɓa tashoshin waifai na sama, wajen 9 zuwa 11, kuma ya fi cin wanda ke zaune kusa da kicin ko wanda kicin ɗin ke tsakaninsa da rawuta.

Bulutut kuwa ƙaramin mai laifi ne. Abin kunne ƙarfinsa 'yan miliwat ne kawai, kuma ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake yi tsakanin ƙananan tashoshi 79, sau 1600 a daƙiƙa. Tun daga sigar 1.2 ta shekarar 2003 ya koyi kauce wa tashoshin da ya tarar da cunkoso. Inda yake damun mutum shi ne a cikin na'ura ɗaya, domin a wayoyi da kwamfutoci da yawa waifai da bulutut eriya ɗaya suke rabawa. Sai ka ga mai abin kunnen ne kaɗai muryarsa ke yankewa a taron bidiyo, na kusa da shi ko a jikinsa. Idan ofis gaba ɗaya ne ke kuka a lokaci guda, cire bulutut daga lissafi.

Ita wayar tebur, juya gindinta ka karanta takardar da ke manne. Idan ka ga DECT ko DECT 6.0, wanke ta daga zargi, tana aiki ne a wajen 1.9 GHz, ba ruwanta da waifai. Haka ma wayar tebur mai cin layin sim, ita hanyar kamfanin waya take bi. Amma idan an rubuta 2.4 GHz, kamar yadda ake samu a tsofaffin da ke shigowa cikin kayan gwanjo, to tana iya fin maikurowef muni, domin shi minti biyu ya gama, ita kuwa muddin ana magana tana riƙe da zangon. Alamarta ita ce tsinkewar na farawa da ɗaga waya.

Ga yadda za ka kama shi ba da zato ba. Zauna da kwamfuta mai Windows a inda aka fi kuka, ka buɗe `cmd`, ka rubuta wannan, amma ka sa adireshin da ke rubuce a bayan rawutarka:

```
ping -t 192.168.0.1
```

A lafiyayyen waifai za ka ga `time` bai wuce 'yan milisakan kaɗan ba. Sai a sa kofin ruwa a maikurowef (kada a kunna shi babu komai ciki) a ba shi minti ɗaya. Idan lambar ta haura ɗaruruwa ko `Request timed out` ya fara fitowa, ka samu mai laifi. A kashe, a gwada wayar ita kaɗai, sannan abin kunnen. Idan kuma lambar ba ta motsa ba alhali intanet na rarrafe, matsalar daga sabis ɗin kamfanin da ke ba ku intanet take, da rana kowa na kai.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a komar da kwamfutoci 5 GHz idan rawutar na da shi, domin maikurowef da bulutut ba sa zuwa can. Sai dai 5 GHz bai iya ratsa bangon bulo kamar 2.4 ba, na ɗaki na uku zai iya rasa shi. Ƙananan rawutocin aljihu da yawa ma 2.4 kaɗai gare su. In haka ne, shiga saitin rawutar ka sa `Channel` a 1, `Channel Width` a 20 MHz, ka ɗauke ta daga bangon kicin zuwa wuri mai tsayi a tsakiyar ofis. Wayar kuma in ta 2.4 ce, canza ta da mai DECT.